Ina Daidaito Zai Karkata? Yadda Kauri, Matsi da Zafi Ke Juya Haɗuwar Sinadarai

Yawancin sauye-sauyen sinadarai da ake gani a gida hanya ɗaya suke bi. Itace ya ci wuta ya zama toka da hayaƙi, toka kuwa ba ta komawa itace. Amma akwai haɗuwar sinadarai masu ɗimbin yawa da ke tafiya gaba suna dawowa baya a lokaci guda: abubuwa biyu su haɗu su haifi na uku, na ukun kuma ya riƙa wargajewa yana komawa abubuwan da suka haife shi. Idan aka rufe su cikin mazubi ɗaya aka bar su, za a kai wani lokaci da saurin haɗuwa da saurin wargajewa za su zo ɗaya. Daga nan yawan kowane sinadari ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Wannan hali shi masana kimiyyar sinadarai ke kira daidaito, kuma suna nuna shi da kibiyoyi biyu masu duban juna, ⇌, a tsakiyar lissafin haɗuwar.

Kwalbar lemo da ba a buɗe ba misali ce da kowa ya taɓa riƙewa a hannu. A cikin ruwan akwai iskar kabon, CO₂, a narke, a ɗan sararin da ke ƙarƙashin marfi kuma akwai irinta a sake. Ido yana ganin ruwa kwance shiru, alhali kowane lokaci wasu ƙwayoyin iskar na ficewa daga ruwan, wasu kuma na komawa cikinsa, adadin masu fita daidai da na masu shiga. Kamar ƙofar kasuwa ce da tsakar rana: mutane na shiga, mutane na fita, amma cikar kasuwar tana nan yadda take. Akwai abu guda da ake yawan kuskurewa a nan. Daidaito bai ce yawan abin da ke ɓangaren hagu da na ɓangaren dama ɗaya ne ba. Saurin tafiya da na dawowa ne suka zo ɗaya; yawan kuwa yana iya zama kashi 99 a nan, kashi 1 a can.

Da zarar an ɓalle marfin, sai a ji ƙarar fitar iska, kumfa ya taso. Iskar da ke sama ta tsere, masu komawa ruwa sun ragu, masu fita kuwa suna nan da saurinsu, don haka ruwan ya ci gaba da aman iskarsa har lemon ya salance. An taɓa daidaiton, ya karkata. Tambayar da ta dami masana ita ce ko za a iya faɗin inda zai karkata tun kafin a taɓa shi.

Amsar da aka fi sani ta fito daga Henry Louis Le Chatelier, Bafaranshe masanin sinadarai kuma injiniyan ma'adinai, wanda ya rayu daga 1850 zuwa 1936. A 1884 ya bayyana ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa, Bajamushe Karl Ferdinand Braun ma ya kai ga irinta a 1887. Ma'anarta a taƙaice: idan aka tilasta wa abin da ke cikin daidaito wani canji, zai karkata ta ɓangaren da zai rage kaifin canjin nan. A ƙara masa wani sinadari, ya nufi inda zai cinye shi. A matse shi, ya nufi inda zai sassauta matsin. A zafafa shi, ya nufi inda zai shanye zafin. Kalmar da ya kamata a riƙe ita ce ragewa. Daidaito ba ya soke canjin da aka yi masa baki ɗaya, wani yanki kawai yake mayarwa.

Kauri a nan na nufin yawan sinadari a cikin kowace lita, kamar yadda ake cewa shayi ya yi kauri idan madara ta yi yawa a kofi. Ana auna shi da mol a kowace lita, mol kuwa ƙidayar ƙwayoyin sinadari ce, kamar yadda ake ƙidayar ƙwai da kiret, sai dai adadin yana da girman gaske. Haɗuwar iskar haidirojin da tururin aidin tana nuna aikin kauri ƙarara:

H₂ + I₂ ⇌ 2HI

Kowane daidaito yana da lamba tasa, wadda ake rubutawa K. Ana samun ta idan aka raba kaurin abubuwan da ke dama da kaurin na hagu, kowanne an ninka shi da kansa gwargwadon lambar da ke gabansa a lissafin. A wannan haɗuwa:

K = [HI]² ÷ ([H₂] × [I₂])

A zafin da ya kai wajen digiri 450 a ma'aunin Selshiyos, lambar tana kusa da 50. Don sauƙin lissafi a ɗauke ta 49. A ce a cikin mazubi mai lita ɗaya akwai mol 1 na haidirojin, mol 1 na aidin da mol 7 na HI. Bakwai sau bakwai 49, a raba da 1, an sami 49. Mazubin yana cikin daidaito.

Yanzu a tura ƙarin mol 1 na haidirojin, ya zama 2. Idan aka sake yin lissafin nan take, 49 a raba da 2 ya ba da 24.5. Wannan lamba ta wucin gadi ana kiranta Q, kuma ita ce mabuɗin hasashen gaba ɗaya. Idan Q ta gaza K, saman lissafin ya yi kaɗan, dole haɗuwar ta yi gaba ta ƙara abin da ke dama. Idan Q ta zarce K, za ta koma baya. A nan 24.5 ta gaza 49, saboda haka haidirojin da aidin za su ƙara haɗuwa. Idan aka warware lissafin, kimanin mol 0.3 na kowannensu ne zai shiga haɗuwar, ya haifi ƙarin mol 0.6 na HI. Sabon daidaiton zai tsaya a haidirojin 1.7, aidin 0.7, HI 7.6. Mai son tabbatarwa ya ninka 7.6 da kanta, ya raba da 1.7 sau 0.7; zai dawo kusa da 49.

Lambobin nan uku suna da abin faɗa. An zuba mol ɗaya na haidirojin, daidaiton ya cinye 0.3 kacal, ya bar 0.7 a kan abin da ke nan tun farko. Ɗalibai da yawa kan rubuta cewa haidirojin ya ragu domin daidaito ya karkata dama, alhali ya fi yadda yake kafin a taɓa mazubin. Wanda ya ragu da gaske shi ne aidin, wanda ba a taɓa ba, kuma ana iya ganin hakan da ido, domin tururin aidin shuɗi ne mai ratsin ja, launinsa zai ɗan kwanta. Daga nan masana'antu suka sami dabara: idan cikin kayan haɗi biyu ɗaya yana da tsada, ɗaya yana da araha, sai a zuba mai arahar fiye da kima domin ya ja mai tsadar ya ƙare a cikin haɗuwar. Lambar K kuwa ba ta motsa ba, 49 take kafin canji, 49 take bayansa.

Ɗebe abu yana aiki kamar ƙara shi, sai dai ta ɗaya fuskar. Idan ana kwashe abin da haɗuwa ke haifarwa da zarar ya samu, Q ba ta taɓa kamo K, haɗuwar kuma ba ta daina tafiya gaba. Haka ake gasa dutsen farar ƙasa a masana'antun siminti irin na Ashaka da Obajana da Sakkwato. Dutsen, CaCO₃, yana rabuwa ya ba da CaO da iskar CO₂. A rufaffen mazubi rabuwar tana tsayawa da zarar iskar ta taru ta kai wani matsi. A tanderun siminti kuwa iskar tana bin hayaƙi ta fice, sai dutsen ya ci gaba da rabuwa har ƙarshe. A wannan misali akwai wani sharaɗi da ya kamata a sani: ƙara tulin dutsen a rufaffen mazubi ba ya karkatar da komai. Daskararren abu kaurinsa ɗaya ne, ko guntu ne ko tuli, shi ya sa ba a sa shi a lissafin K.

Jinin ɗan Adam ma yana bin wannan doka. Sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana kama iskar oksijin a huhu, inda take da yawa, ya sake ta a tsoka, inda ta yi ƙaranci. Gubar da ke cikin hayaƙin janareto da na gawayi, wato CO, tana kama wurin da oksijin ke zama da ƙarfin da ya ninka nata fiye da sau 200, shi ya sa kaɗan daga cikinta a rufaffen ɗaki kan hallaka masu barci. A asibiti ana ba wanda ya shaƙe ta oksijin zalla. Yawan oksijin ɗin ne ke karkatar da daidaiton, ya sa gubar ta bar jinin da sauri fiye da yadda za ta bar shi a iskar gari.

Matsi ya fi shafar haɗuwar da ke da iska a ciki, domin ruwa da daskararren abu da ƙyar suke matsuwa. Matsin iska a mazubi yana zuwa ne daga ƙwayoyinta da ke dukan bango, don haka yawan ƙwayoyi shi ne yawan matsi. Hasashen yana farawa da ƙidaya: ƙwayoyin iska nawa ne a hagu, nawa ne a dama. Haɗuwar da ke ba da ammoniya, uwar takin zamani, ita ce misalin da ya fi kowane shahara:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃

A hagu akwai ƙwaya ɗaya ta naitirojin da uku na haidirojin, huɗu ke nan. A dama biyu ne. Idan aka matse mazubin, ɓangaren da zai sassauta matsin shi ne mai ƙarancin ƙwayoyi, wato dama, sai ammoniya ta ƙaru. Idan aka sassauta, ammoniya ta wargaje ta koma iskoki biyun.

Ana iya ganin dalilin a lissafin Q ba tare da dogaro da ƙa'idar ba. A matse mazubin ya koma rabin girmansa, kaurin kowace iska ya ninka biyu. Saman lissafin, inda ammoniya take an ninka ta da kanta, zai ƙaru sau 4. Ƙasansa zai ƙaru sau 2 saboda naitirojin, sau 8 saboda haidirojin, jimla sau 16. Huɗu a kan goma sha shida rubu'i ne. Q ta faɗo zuwa rubu'in K, haɗuwar ta yi gaba. Ashe matsi ba wani sabon abu yake yi ba, kaurin duk iskokin yake canzawa a lokaci guda, ɓangaren da ya fi yawan ƙwayoyi kuma shi ya fi jin canjin. A haɗuwar haidirojin da aidin, ƙwaya biyu ce a hagu, biyu a dama. Sama ya ƙaru sau 4, ƙasa ya ƙaru sau 4, Q tana nan daram. Komai matsin da aka yi mata, ba ta karkata ko'ina.

Wannan fahimta tana warware wata tambaya da ke kayar da masu haddar ƙa'ida. A ce an tura iskar da ba ta haɗuwa da komai, irin su agon, cikin tukunyar ƙarfe da girmanta ba ya canzawa. Agogon matsi zai hau, mai hadda kuma zai ce daidaito ya karkata zuwa ammoniya. Bai karkata ba. Naitirojin da haidirojin da ammoniya suna nan da yawansu a cikin litocin da suke, Q ba ta motsa ba. Amma da mazubin mai buɗewa ne, aka bar shi ya faɗaɗa don matsin ya tsaya yadda yake, to iskokin uku sun tsinke ke nan, kaurinsu ya ragu, daidaiton zai koma hagu inda ƙwayoyi suka fi yawa. Abin dubawa kullum shi ne abin da ya sami kaurin masu haɗuwar, ba abin da agogo ya nuna ba.

Zafi daban yake da sauran biyun, bambancin kuma babba ne: shi kaɗai ke canza lambar K kanta. Kowace haɗuwa mai tafiya da dawowa tana fitar da zafi ta fuska ɗaya, tana shan daidai wannan zafin ta ɗaya fuskar. Idan aka zafafa ta, fuskar da ke shan zafi ce ke rinjaye. Idan aka sanyaya ta, mai fitar da zafi ce. Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce a rubuta zafin a cikin lissafin kamar shi ma sinadari ne, a dama idan haɗuwar tana fitar da shi, a hagu idan tana sha. Dabarar tana ba da amsa daidai, muddin ba a manta cewa a nan K ce ta tashi daga inda take, Q ta biyo ta ba.

Akwai gwajin da ke nuna wannan a fili a ɗakin gwaje-gwaje. Iskar NO₂ launinta ja ne mai duhu, kamar ƙasa-ƙasa. Ƙwayoyinta biyu kan manne su zama N₂O₄, wadda ba ta da launi, kuma mannewar tana fitar da zafi. A cika kwalabe biyu da wannan gauraye a liƙe bakinsu, a tsoma ɗaya a ruwan ƙanƙara, ɗaya a ruwan zafi. Cikin 'yan mintuna ta cikin ƙanƙara za ta koɗe ta koma ɗorawa-ɗorawa, ta cikin ruwan zafi kuma ta yi duhu sosai. A musanya su, launukan su musanya. Babu abin da ya shiga, babu abin da ya fita, zafi kaɗai ya sauya rabon da ke tsakanin iskokin biyu. Iskar guba ce, ba a yin gwajin sai a kwalbar da aka liƙe. Kwalbar lemo ma tana da nata shaidar: narkewar iskar kabon a ruwa tana fitar da ɗan zafi, shi ya sa lemon da ya sha rana ke tumbatsa idan an buɗe shi, mai sanyi kuwa ya riƙe iskarsa. Gasa dutsen farar ƙasa shan zafi yake yi, kimanin kilojul 178 a kowane mol, kuma sai an kai wajen digiri 900 matsin iskar da yake fitarwa ke kamo na iskar sarari. Ƙasa da haka sosai, rabuwar ba ta wani tafiya.

A masana'antar ammoniya abubuwan nan uku suke haɗuwa, a nan ne kuma ake ganin iyakar ƙa'idar. Haɗuwar naitirojin da haidirojin tana fitar da zafi, kilojul 92 a lissafin da aka rubuta a sama. Hasashe ya ce matsi mai yawa da zafi kaɗan su ne za su ba da ammoniya mai yawa, awon da aka yi kuma ya gaskata shi. Idan aka gauraya iskokin kashi ɗaya da kashi uku, aka matse su ninki 100 na matsin iskar sarari, ammoniyar da ke cikin gaurayen a daidaito tana kai kimanin kashi 52 cikin ɗari a digiri 300. A digiri 400 ta sauko wajen kashi 25, a digiri 500 wajen kashi 11. Idan kuma aka tsaya a digiri 400 aka riƙa ƙara matsi, a ninki 10 ba ta cika kashi 4 ba, a ninki 100 kashi 25, a ninki 300 wajen kashi 47.

Mai duba waɗannan lambobi zai ce a yi aikin cikin sanyi mana. Matsalar ita ce ƙwayar naitirojin tana ɗaure da ɗauri uku, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani, kuma cikin sanyi kusan babu ƙwayar da ke da kuzarin tsinke shi. A zafin ɗaki lambar K ta wannan haɗuwa tana da girma ƙwarai, amma ana iya ajiye iskokin biyu tare shekara da shekaru ba a sami ammoniyar da za a auna ba. Ƙa'idar Le Chatelier tana faɗin inda tafiya za ta ƙare, ba ta cewa komai a kan tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a isa. Wannan shi ne babban gibinta, kuma wanda bai san da shi ba zai yi hasashe daidai ya gina masana'antar da ba ta fitar da komai.

Le Chatelier da kansa ya gwada haɗa ammoniya a ƙarƙashin matsi a 1901, amma iskar gari ta kutsa cikin na'urarsa ta haddasa fashewa, ya bar aikin. Fritz Haber ne ya nuna a Karlsruhe ta ƙasar Jamus, a 1909, cewa abin zai yiwu, da wata ƙaramar na'ura da ke ɗigar da ruwan ammoniya. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mai da ita masana'anta, wadda ta fara aiki a Oppau a 1913. Haber ya sami lambar yabo ta Nobel ta 1918, Bosch kuma ta 1931. Hanyar da suka bari ita ake bi har yau, har a masana'antun takin yuriya na Eleme a jihar Ribas da Lekki a jihar Legas, inda ake ciro haidirojin daga iskar gas, naitirojin kuma daga iskar sarari.

Maganin da suka samo sulhu ne tsakanin yawa da sauri. Ana aiki a zafin digiri 400 zuwa 450, inda rabon ammoniya ya ragu amma haɗuwar tana tafiya. Ana rama asarar da matsi, galibi ninki 150 zuwa 250 na iskar sarari. Ba a wuce haka da nisa domin kowane ƙarin matsi yana cin makamashi wajen matse iskar, yana kuma buƙatar tukunya da bututu masu kaurin bango. Bosch ya gamu da wata wahalar ma: haidirojin mai zafi a ƙarƙashin matsi yana ratsa ƙarfe ya cinye kabon ɗin da ke ba shi ƙarfi, tukwane su tsage. Ya magance ta da tukunya mai bango biyu, ƙarfe mai taushi a ciki, mai ƙarfi a waje, da ƙananan huji da haidirojin ɗin da ya ratso zai bi ya fita.

Sai katalis, wato abin da ke gaggauta haɗuwa ba tare da ya ƙare a cikinta ba. A nan ƙarfe ne da aka gauraya da wasu 'yan sinadarai, wanda ƙwayoyin naitirojin ke mannewa a jikinsa ɗaurinsu ya yi sauƙin tsinkewa. Ana yawan ɗauka cewa katalis yana ƙara yawan abin da za a samu a daidaito. Ba ya ƙarawa. Yana gaggauta tafiya da dawowa daidai wa daida, K tana nan, inda za a tsaya yana nan, isowar ce ke yin sauri. Amfaninsa ga mai masana'anta shi ne ya ba shi damar sauko da zafi zuwa inda daidaiton ya fi masa kyau ba tare da aikin ya tsaya ba.

Duk da haka iskar da ke fitowa daga tukunyar ba ta wuce kimanin kashi 15 na ammoniya ba, domin ba a jiran ta kai cikakken daidaito. A nan ake komawa ga dabarar ɗebewa. Ammoniya tana zama ruwa cikin sauƙi: a matsin iskar sarari tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifiri, a ƙarƙashin matsi mai yawa kuwa ɗan sanyi ya ishe ta. Naitirojin da haidirojin suna nan a iska. Sai a sanyaya gaurayen, a tsiyaye ruwan ammoniya, a ƙara sabuwar iska a kan ragowar, a mai da ita tukunya. Kowane zagaye yana farawa da Q a ƙasa da K. Da wannan juyi ake kai wa ga mai da kashi 97 ko 98 na kayan haɗin su zama ammoniya. Juyin yana da nasa illa. Agon da ke zuwa tare da iskar sarari da ɗan gas ɗin da bai sauya ba ba sa shiga haɗuwar, ba sa kuma zama ruwa, sai su yi ta taruwa zagaye bayan zagaye. Da yake jimlar matsin tukunyar a tsaye take, duk wurin da suka cike an rage shi ne daga rabon naitirojin da haidirojin, ammoniya ta soma raguwa ko da agogon matsi bai motsa ba. Shi ya sa ake zubar da wani ɗan kaso na iskar da ke zagayawa a kai a kai.

Akwai ma inda ƙa'idar, idan aka ɗauke ta da sauƙin lafazinta, take ba da amsar da ba daidai ba. A wannan haɗuwa ta ammoniya, idan jimlar matsi a tsaye take kuma naitirojin ya riga ya haura rabin gaurayen, ƙara naitirojin yana mai da daidaiton baya ne, ammoniya ta wargaje. Dalili shi ne mazubin dole ya faɗaɗa don ya ɗauki ƙarin, faɗaɗawar kuma tana tsinka haidirojin, wanda ke shiga lissafin sau uku. Raunin da haidirojin ya yi ya fi ƙarfin da naitirojin ya samu, Q ta hau sama da K. Lafazin ƙa'idar bai hango wannan ba, lissafin Q kuwa ya kama shi. Saboda haka masu aikin suke amfani da ƙa'idar don hasashen farko, sa'annan su rubuta Q su gwada ta da K kafin su taɓa famfo. Suna kuma tabbatar da abubuwa biyu tun da fari: cewa mazubin a rufe yake babu abin da ke tserewa, da cewa gaurayen ya kai daidaito da gaske, domin gaurayen da ya tsaya cik saboda nawar haɗuwa, kamar naitirojin da haidirojin a zafin ɗaki, a ido bai da bambanci da wanda ya daidaita. Ana rarrabe su da gwaji ɗaya: a sa katalis. Wanda ke cikin daidaito ba zai motsa ba, wanda nawa ta riƙe kuwa zai fara sauyawa.